Gaisuwar Ranar Haihuwa Zuwa Gadon Asibiti

A hunturun bara, ranar da aminina ya cika shekara 16 ta same shi a kwance a asibiti, ciwon sikila ya tashi. Ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda na rubuta masa gaisuwa, domin abin ya ba ni wuya fiye da yadda na zata.

Da farko sai da na fahimci ciwon. Sikila gadonta ake yi daga uwa da uba duka biyu, ba a ɗaukarta. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ƙashi ya kama azabar ciwo. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin cizon sauro suna iya tayar da ita. Saboda haka na yaga takardata ta fari, wadda na ce a cikinta, "Daure, ai ba komai." Akwai komai mana! Wanda aka gaya wa haka zai ga kamar an ƙaryata shi.

Na biyu, mu Hausawa in an ce mana "Yaya jiki?" sai mu ce "Da sauƙi," ko da muna murƙususu. Don haka ban sa tambayar da za ta tilasta masa ɓoye zafinsa ba. Na uku, na taƙaita, na kuma yi manyan baƙaƙe, domin hannunsa ɗaya yana ɗaure da ƙarin ruwa. Ga abin da na rubuta:

"Aminina, sannu da jiki. Barka da cika shekara 16. Na san yau ƙasusuwanka ba su san da biki ba, kuma ba sai ka yi mini murmushin dole ba. Amma ka sani har yanzu na girme ka da wata 3, saboda haka gaisuwar safe tana nan a kanka! Ina kwafe maka darasin lissafi kullum, rubutun dai irin tafiyar kaza ne, sai haƙuri. Tsiren biki mun ɗage shi sai ranar da aka sallame ka. Ba sai ka ba da amsa ba. Allah ya ba ka lafiya, ya ƙaro shekaru masu albarka."

Ku lura, wasan da na yi a kaina ne da abotarmu, ban taɓa ciwonsa ba. Alkawarin kuwa wanda zan iya cikawa ne. Ban ce gobe zai warke ba, domin wannan ba a hannuna yake ba.

Da na je dubiya na tarar yana barci. Ban tashe shi ba, na gai da Mama, na ba ta takardar. Daga baya ta ce da ta karanta masa zancen wata 3 ɗin, sai ya ce, "Ƙarya yake, wata 2 ne." Wai ranar nan ita ce doguwar maganarsa ta farko.