Baƙin allo a gidan kallon ƙwallo: laifin wane ne?

A gidajen kallon ƙwallo na Tahoua, har zuwa Kalfou da Barmou, akan sayi dekoda ɗaya a jona mata ƙaramin akwatin da ke raba hoto zuwa talabijin uku ko huɗu. Wani lokaci ana kunnawa sai allo ya yi baƙi, saƙo ya fito mai ɗauke da haruffan HDCP. Nan take sai a ce talabijin ta lalace ko kuɗin wata ya ƙare. Galibi lafiyarsu lau, akwatin tsakiyar ne ya kasa gabatar da kansa.

HDCP kulle ne da kamfanin Intel ya ƙirƙiro don hana kwafar finafinai da wasanni ta wayar HDMI. Kafin dekoda ta saki hoto, sai ta tambayi abin da ke ɗaya bakin wayar lambar shaidarsa, su yi musayar mabuɗi, sannan ta aiko hoton a kulle. Idan akwatin rabawa ya shiga tsakani, shi ma dole ya kasance da lasisi da nasa mabuɗin. Shi zai tattara lambobin duk talabijin ɗin da ke bayansa ya miƙa wa dekoda, kamar mai unguwa da ke kai sunayen baƙinsa gaban hakimi. A tsarin HDCP 1.4 daƙiƙa 5 aka ba shi ya haɗa jerin, in ya makara dekoda ta rufe. Na'urar naɗar hoto kuwa, wadda ake jonawa da kwamfuta, tun asali ba a ba ta mabuɗi, domin irin aikinta aka yi kullen ya hana.

Wani zai ce jiya da wannan akwatin aka kalli wasa. Gaskiya ne, amma duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareto, gaisuwar musayar mabuɗi tsakanin na'urorin daga farko take somawa, kuma dekodar da ta riga sauran farkawa tana iya tambaya ba ta ji amsa ba. Doguwar waya mai araha ma takan ɓata amsar, ko da hoton zai iya wucewa. Ga kuma bambancin zamani: hoton 4K mai kulle yana neman HDCP 2.2 a kan kowace na'ura, don haka tsohuwar talabijin ɗaya mai 1.4 a cikin huɗu ta isa ta sa a hana sauran, ko a rage musu kyan hoto.

Gane mai laifin ba wuya. A cire akwatin, a jona dekoda kai tsaye da talabijin ɗaya da gajeriyar waya. In hoto ya fito, a mayar da akwatin, a riƙa ƙara talabijin ɗaya bayan ɗaya har a ga wadda ta kawo baƙin allo. Wajen kunnawa kuma a fara da talabijin, sai akwatin, dekoda ta zo ƙarshe.