Jam ɗin Mangwaro: Yadda Ake Sa Shi Ya Kama

Idan mangwaro ya cika kasuwa daga Afrilu zuwa Mayu, har masu sayarwa na neman kai da shi, lokaci ne da uwargida za ta mayar da shi jam ta ajiye na shafa wa burodi. Sai dai da yawa kan dafa, su ɗura a kwalba, washegari su tarar da ruwa tsululu. Ba rashin iya girki ba ne. Jam ba ya kamawa sai abu uku sun daidaita: fektin, tsami da sukari.

Fektin wani sinadari ne da ke jikin 'ya'yan itace, shi ke riƙe naman ɗan itacen ya yi ƙarfi. Yayin da ɗan itace ke nuna, fektin ɗinsa na raguwa, shi ya sa mangwaron da ya nuna luɓus ke narkewa a hannu. Gwaba tana da shi da yawa, haka ma 'ya'yan lemon tsami da farin ɓawonsa na ciki, amma nunannen mangwaro kaɗan gare shi.

Dahuwa tana fitar da fektin cikin ruwan tukunya a matsayin zaruruwa siriri waɗanda ke gudun juna. Tsami ne ke hana su wannan gudu, sukari kuma ya tsotse ruwan da ke tsakaninsu. Daga nan sai su sarƙe kamar komar masunta, su riƙe ruwan a ciki. Wannan sarƙewa ita ce kamawar jam. Saboda haka mai rage sukari sosai don tsimi, ko mai barin lemon tsami don gudun tsami, ta karya aikin tun kafin ta hura wuta.

Ga yadda za a yi da naman mangwaro kilo 1, bayan an fere an cire ƙwallo. A sami giram 750 na nunanne saboda ƙamshi, da giram 250 na wanda ya fara nuna saboda fektin da tsami. A tanadi sukari giram 800 da ruwan lemon tsami babban cokali 4. 'Ya'yan lemon da farin ɓawonsa a ƙulle su a ƙyalle mai tsabta, a jefa a tukunya.

A fara dafa mangwaron da ruwan lemon da rabin kofi na ruwa a kan wuta kaɗan, kamar minti 15, har ya yi laushi. Kada a zuba sukari kafin nan, domin yana sa ɗanyen yankan ya ƙi narkewa. Sai a matse ƙullin a cire shi, a zuba sukari, a yi ta motsawa har ƙwayarsa ta ɓace. Yanzu ne za a ƙara wuta ya tafasa da ƙarfi. Tukunya mai faɗin baki ta fi, don ruwa ya tsane da sauri, tunda doguwar dahuwa tana lalata fektin ɗin da ake nema.

Littattafan girki kan ce jam na kamawa a digiri 105, amma wannan lissafin bakin teku ne. A gari mai tudu irin Jos, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 96, jam zai kama tun a wajen digiri 101. Gwajin faranti kuwa ba ruwansa da tudu ko kwari.

Tun kafin a ɗora tukunya a sa ƙananan farantai biyu a firji, idan babu wuta a ɗora su a kan ƙanƙara. Bayan minti 10 ana tafasa mai ƙarfi, a sauke tukunyar, a ɗiga ƙaramin cokali ɗaya a farantin mai sanyi, a jira minti ɗaya ko biyu, sannan a tura shi da yatsa. Idan samansa ya yamutse, kuma hanyar da yatsa ya bi ba ta rufe ba, ya kama. Idan ya malalo ya cike gurbin, a mayar kan wuta minti 3 a sake gwadawa. Sauke tukunyar wajibi ne, domin cikin wannan ɗan jira jam na iya zarcewa ya yi duhu da tauri.

A ɗura shi da zafinsa a kwalaben da aka tafasa suka bushe, a rufe nan take. Kada a yanke hukunci sai ya kwana, don sai ya huce kamawarsa ke cika. Idan har ya wayi gari da ruwa, ba a yi asara ba: a juye shi a tukunya, a ƙara ruwan lemon tsami cokali 1, a tafasa, a sake gwajin faranti. Kwalbar da aka buɗe kuwa a ajiye ta a firji, a riƙa ɗiba da busasshen cokali don kada ta yi fumfuna.