Kula da Famfo da Fanka Kafin Su Lalace

Zuwa ga Hakimai da malamansu na ƙasar Gwandu da ta Argungu.

Wasu daga manyan famfunan da ke ɗebo ruwan Gulbin Rima, da fankokin injinan casar shinkafa, suna aiki da wani akwati mai sarrafa gudun injin lantarki, wanda ma'aikata ke kira inbata. A fuskarsa yana nuna gudun injin da alamar Hz, da wutar da yake ja da alamar A. Amma ba ya jin girgiza da kansa, sai an manna ma'auni a gidan boris, wanda ke nuna ta da alamar mm/s.

Abin da ake bukata shi ne malami ya buɗe littafi. Kowace safiya, bayan injin ya yi rabin sa'a yana aiki, a rubuta waɗannan lambobi uku. Lalle a riƙa aunawa a gudu ɗaya, gama wutar da famfo ke ja tana hawa da sauka tare da gudunsa. Lambobin makon farko bayan gyara su ne ma'aunin lafiyar injin.

Ga misali. A ce famfo mai ƙarfin kilowat 22 ya saba jan 32 A a gudun 45 Hz, girgizarsa kuwa 2 mm/s. Da bazara ta yi, gulbi ya ja baya, sai malam ya ga wuta ta sauka, tana kai da kawowa tsakanin 25 da 28, girgiza ta hau 3.5, ana kuma jin ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Kada a ce famfo ya sami sauƙi. Ruwa ne ba ya isarsa: ko ciyawa ta toshe rariyar bakin bututu, ko yana zuƙar iska. A tsai da shi, a share rariya, a ƙara nutsar da bututu. In an ƙyale, farfelarsa za ta cinye.

In wuta ba ta sāke ba, amma girgiza tana ƙaruwa mako mako, to, a fanka sau da yawa ƙura da ƙaiƙayi ne suka daskare a fikafikai, nauyi ya karkata gefe guda. A famfo kuwa a duba boris da kusoshin gindi. In wuta da girgiza suka hau tare, akwai abin da ke gogar juna, ko yashi, ko boris da ya kusa cijewa.

A lura, lalacewar boris ba ta bayyana a lambar wuta sai ta yi nisa. Girgiza ce ke fara tona ta. A inji irin wannan mai zaune kan siminti, in ta wuce 2.8 a aika wa makanike da littafin. In ta wuce 4.5, a kashe injin, kada a tashe shi sai ya duba.