Me ya sa agogon hannu bai tashe ka sahur ba?

Masu Apple Watch da iPhone kan ɗauka cewa duk ƙararrawar da suka saita a ɗayansu za ta kaɗa a ɗayan. Hanyar ɗaya ce kawai: daga waya zuwa agogo.

A ce ka saita ƙarfe 4:30 na asuba a waya. Kafin agogo ya girgiza a hannunka, sai ka buɗe manhajar Watch a wayar, ka shiga My Watch, ka taɓa Clock, ka kunna Push Alerts from iPhone. Amma wadda ka saita a kan agogon, a nan za ta tsaya, wayar ba ta ma san da ita ba. Idan cajin agogon ya ƙare cikin dare, shi ke nan, sai ka wayi gari da yunwa.

Kalanda kuwa dabi'arta daban. Agogo yana kwafo abin da ke cikin manhajar Calendar ta wayar ne. Idan taronka yana cikin asusun Google da ba ka haɗa da wannan manhajar ba, ba zai bayyana ba. In kuma asusun yana haɗe amma agogon ya maƙale a kan tsoffin taruka, shiga My Watch, General, Reset, ka taɓa Reset Sync Data. Ba za ka ga wata alama a allo ba, ka dai ba shi 'yan mintoci.