Musanya Ko Cirewa: Yadda Masanin Sinadarai Ke Gane Hanya

A ɗakin gwaje-gwaje akwai wasu sinadarai da ake kira alkil halaid. Sarƙa ce ta ƙwayoyin kabon da haidurojin, sai buromin ko kulorin a maƙale da kabon ɗaya. Idan aka zuba musu wani sinadari mai ƙarfi, buromin ɗin zai fita, amma hanyar fitar biyu ce. Ko dai baƙon ya maye gurbinsa, wato musanya, ko kuma ya fizge haidurojin daga kabon na maƙwabta, buromin ya fice, kabon biyun su ƙulla ɗauri biyu, C=C. Wannan ita ce cirewa. Wanda bai san wacce za ta rinjaya ba, sai ya yi asarar kayan aikinsa.

Abin da ya fi yanke hukunci shi ne cunkoso a kewayen kabon da ke riƙe da buromin. Mai musanya dole ya kai ga wannan kabon ta bayansa, kamar baƙon da sai ya ratsa zaure kafin ya ga maigida. Mai cirewa kuwa haidurojin na bakin waje ya ishe shi.

Mu ɗauki CH₃CH₂ONa a cikin itanol, a zafin digiri 55 na ma'aunin Salshiyos. Idan aka haɗa shi da CH₃CH₂Br, inda kabon ɗaya tak ke maƙwabtaka da mai buromin, hanya a buɗe take, kusan kashi 90 cikin ɗari musanya ce. Da (CH₃)₂CHBr, inda maƙwabtan suka zama biyu, sai lamarin ya juye: kusan kashi 79 cikin ɗari iskar CH₃CH=CH₂ ce ke fitowa. Da (CH₃)₃CBr kuwa, maƙwabta uku sun toshe hanya, kusan duka cirewa ce.

A na tsakiyan nan ne mai gwaji ke da zaɓi. Idan musanya yake so, sai ya yi amfani da sinadarin da ke neman kabon amma ba shi da ƙarfin fizge haidurojin, irin su NaI ko CH₃COONa, ya kuma rage zafi. Idan cirewa yake so, sai ya ɗauko ƙato mai ƙarfi kamar (CH₃)₃COK, wanda girmansa ba zai bar shi ya kutsa ba, ya ƙara wuta. Zafi na taimakon cirewa domin tana raba kayan zuwa guntaye masu yawa.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne neman haɗa (CH₃)₃COCH₂CH₃ daga (CH₃)₃CBr. Maimakon ruwan da suke jira, iska ce za ta riƙa tashi. Idan aka bi da ita ta cikin ruwan buromin, launinsa na ruwan goro zai ɓace, alamar an samu C=C. Gyaran shi ne a sauya matsayi: a ɗauki (CH₃)₃COK a haɗa da CH₃CH₂Br. Cunkoson ya koma jikin baƙo ke nan, kabon da za a kai wa hari kuma a sarari yake.