Yankewa ko Shafewa: Abin da Wasiƙar Mai Hoto Za Ta Nema

A ƙauyukan Dambatta, Makoda da Bichi, inda gona ke manne da gona, hoton yaye ɗalibi ba na ɗalibin kaɗai ba ne. Ranar da yarinya ta gama Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, ko yaro ya gama kwalejin ilimi ta tarayya da ke Bichi, mota guda ake cikawa a zo da kaka da kawu da ƙanne. A tsaya a bakin titi, mai hoto ya ƙyasta, kowa ya watse. Sai an koma gida ake lura da wani jan allon tallar taki a bayan kawu, ya fi fuskar mai bikin jan ido. Daga nan a sa wani ya rubuta wa mai hoton: a cire allon, a bar sauran yadda yake.

Wannan jumla tana da hanyoyi biyu na cika ta, kuma idan wasiƙar ba ta zaɓi ɗaya ba, mai hoton zai zaɓi wadda ta fi masa sauƙi. Ko ya yanke gefen da allon yake, ko ya shafe allon ya cike gurbinsa.

Yankewa aikin minti ɗaya ne, kuma ba ta ƙara wa hoto abin da kamara ba ta gani ba. Ni dai ita nake fara dubawa, saboda duk abin da ya rage bayan ta gaskiya ne. Tsadarta tana wajen girma. Hoto tarin ƙananan ɗigo ne, kuma idan ana son a wanke shi ya fito tas a takarda, ana neman ɗigo kusan 300 a kowane inci. Hoton firam mai inci 8 da 10 ke nan yana son ɗigo 2400 a faɗi, 3000 a tsawo. Kamarar da ke ba da 6000 da 4000 tana da rarar da za a yanke kusan rabin faɗin hoton, a mayar da shi na tsaye, har yanzu ya isa. Amma kwafin da ya biyo ta WhatsApp a matsayin hoto yakan sauko zuwa kusan 1600 a dogon gefensa. Idan aka yi wa wannan irin yankan nan aka kai shi inci 8 da 10, kowane inci zai samu ɗigo ɗari da 'yan kai, fuskoki su fito dishi-dishi, aikin hula ya narke. Shi ya sa ya kamata wasiƙar ta ce a yi aiki da asalin hoton da ke katin kamara.

Inda yankewa ke gazawa shi ne inda allon ya shigo cikin mutane. A hoton da muke magana a kai, mutum biyar ne: mai bikin a tsakiya da rigar yaye da hula mai tuntu, mahaifiyarta da kakarta a gefe guda, kawu da ƙaninta a ɗaya gefen. Ƙasan allon ya ɓuya a bayan hular kawu, ƙafarsa ta ƙarfe kuma ta sauko tsakanin kawu da yaron. Duk layin da aka ja don a fitar da allon sai ya tafi da kafaɗar kawu, ko da yaron gaba ɗaya. Mutumin da ya bar shararsa ta gona ya biya kuɗin mota ya zo, ba a yanke shi daga hoto a ce an bar komai yadda yake.

A nan shafewa ke shigowa, kuma ita ce mai buƙatar dogon bayani. Babu abin da ke ƙarƙashin allon a cikin hoton. Kamara ba ta taɓa ganin bayansa ba. Mai gyara zai buɗe Photoshop, ya ɗauki abin da ake kira Clone Stamp, ya riƙa ɗebo katanga ko ganyen darbejiya daga kusa yana liƙawa a kan allon, kamar mai yi wa riga faci da ƙyallen da ya yanko daga cikinta. Idan bayan allon sararin sama ne ko katanga mai fenti ɗaya, ba wuya. Idan dangar kara ce ko jerin bulo, sai kowane layi ya haɗu da ɗan uwansa. Mafi wuya shi ne bakin hular kawu. Dole a zagaye hular a kare ta kafin a taɓa abin da ke bayanta, in ba haka ba gefenta zai cinye, ko kuma jan allon ya bar siririn zare a kewayenta.

Ana gane shafewar da aka yi da gaggawa idan aka buɗa hoton sosai a waya. Za ka ga reshe ɗaya ya fito sau uku a jere, ko wani wuri ya yi sumul alhali kewayensa na da tsakuwa-tsakuwa. Abin da aka fi mantawa shi ne inuwa: allon ya tafi, amma inuwarsa na nan kwance a ƙasa kusa da takalmin yaron.

Akwai kuma haɗarin da yankewa ba ta da shi. Da zarar hoto ya shiga hannun mai gyara, hannun ba ya son tsayawa. Masu hoto da yawa sun saba da cewa kwastoma na son a haskaka fata, a goge tabo, a sauya bango, kuma suna yin haka da kyakkyawar niyya. A haka tsagen fuskar kaka ke ɓacewa, mahaifiya ta dawo fara sol, lallen mai bikin ya dusashe. "A bar sauran" ba ya hana wannan, domin a wurin mai hoto gyaran fata ba canji ba ne, kyauta ce. Sai an ambaci abubuwan da sunansu. Ga yadda wan yarinyar zai iya rubutawa:

"Assalamu alaikum Malam, da fatan an tashi lafiya, ya aiki? Game da hoton ƙanwata ne, wanda mutum biyar suka tsaya a bakin titi. Don Allah a shafe jan allon da ke hagun mai kallo, a bayan dattijo mai hula, tare da ƙafarsa da inuwarsa a ƙasa, a cike wurin da katanga da bishiyar da ke gefe. Kada a yanke hoton. Kada a taɓa hasken fatar kowa, ko tsagen tsohuwa, ko lalle, ko rubutun takardar da ke hannun yarinyar. A yi aiki da na kamara, a ajiye mana asalin daban. A turo mini in gani ta Document kafin a wanke, inci 8 da 10 muke so. Nawa ne kuɗin aikin? Allah ya saka da alheri."

"Hagun mai kallo" yana wurin ne saboda hagun kawu dama ce ga mai riƙe da hoton, kuma idan allo biyu ne a wurin, ana iya shafe wanda ke ɗauke da sunan makarantar, wanda shi ne shaidar inda aka yi bikin. Ambaton girma ma yana da dalili. Hoton kamara yana da siffar 3 da 2, takardar 8 da 10 kuwa ta fi shi kusa da murabba'i, don haka wurin wanki zai datse kusan kashi ɗaya cikin shida na faɗinsa ko ba a ce ba. Idan kaka da yaron suna dab da gefe, gara a nemi inci 8 da 12, wanda ke ɗaukar hoton duka.