Tafiyar ƙarin kuɗin ruwa daga babban banki zuwa kasuwa

A Fabrairun 2024, Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 cikin ɗari. Takardun lamunin gwamnati ne kan fara jin jiki: wadda ke biyan naira 10 duk shekara ba ranar ƙarewa, aka saye ta naira 100, za ta faɗo zuwa 80 idan sababbi suka koma biyan kashi 12.5. Daga nan bankuna kan tsawwala ruwan bashi, ɗan kasuwa ya fasa faɗaɗa masana'antarsa. Riba mai tsoka kan jawo dalar baƙi, naira ta ɗan farfaɗo, muddin sun amince za su iya fitar da kuɗinsu. Raguwar abin da ƙasa ke samarwa kuwa sai bayan watanni take bayyana.